An sace wayar da ke ba ni lamba shida, ta ina zan koma Gmail da Facebook ɗina?

"Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da shadda da atamfa a Agege. Ranar Talata aka zare min waya a cunkoson Oshodi. Na yi welkam bak, layina ya dawo, na sayi wata wayar na sauke Google Authenticator, sai na same ta wayam, babu lamba ko ɗaya. Gmail ɗina da shafin Facebook da masu sayen kaya ke nemana duk suna tambayar lamba shida. Kalmar sirrina ban manta ba. Wani yaro ya ce in ba shi dubu ashirin ya buɗe min. Me ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri, ya tsare gaba. Kuɗinka ka riƙe su tukuna, zan zo kan maganar yaron nan. Kafin nan akwai abu ɗaya da nake so ka yi yau: duk wata waya ko kwamfuta da ka taɓa buɗe Gmail ɗin nan ko Facebook a kanta, ta gida ce ko ta shago, ko tsohuwar da ka ba wa iyali, ka ce kada kowa ya fita daga asusun, kada a goge komai a cikinta, kada a kai ta wurin mai gyara a yi mata filashin. A cikin waɗanda nake taimaka wa da irin wannan matsala, mafi yawan waɗanda suka koma asusunsu da sauƙi ta irin wannan tsohuwar na'ura suka koma.

Bari in fara da dalilin da ya sa layinka ya dawo amma lambobin ba su dawo ba, domin idan ka gane wannan, sauran matakan za su zo maka da ma'ana. Lambar da banki ke turo maka ta saƙon tes tana bin layi ne, duk wayar da aka saka sim ɗin nan za ta shigo. Lambar Google Authenticator ba turo ta ake yi ba. Ranar da ka kunna tsaron, an nuna maka wani hoto mai murabba'i da ɗige-ɗige baƙaƙe, ka haska shi da kyamara. Abin da ke cikin hoton nan rubutu ne gajere, mai kama da wannan:

```
otpauth://totp/Misali:wane?secret=JBSWY3DPEHPK3PXP
```

Haruffan da ke bayan `secret=` su ne mabuɗin sirri. Kwafi ɗaya ya zauna a wurin kamfanin, ɗaya ya shiga cikin wayarka. Daga ranar, kowane daƙiƙa 30 manhajar tana haɗa mabuɗin da lokacin da agogo ya nuna, ta yi lissafi, ta fitar da lamba shida. Kamfanin shi ma yana yin wannan lissafin a nasa ɓangaren, idan abin da ka rubuta ya yi daidai da nasa sai ya buɗe. Ana kiran wannan tsari TOTP, an rubuta ƙa'idarsa a 2011, kuma kusan duk manhajojin irin wannan a kansa suke tafiya. Shi ya sa manhajar take ba ka lamba ko babu data, ko babu sim a wayar gaba ɗaya. Kamfanin layi bai taɓa ganin mabuɗin ba, don haka ba shi da abin da zai mayar maka. Sabuwar manhajar da ka sauke kuwa kamar sabon kwado ne da ba a yanka masa makulli ba.

To hanya biyu ce kawai ta rage. Ko dai mabuɗin yana da kwafi a wani wuri ka ɗauko shi, ko kuma ka shawo kan kamfanin ta wata shaida cewa kai ne mai asusun, ya bari ka shiga ka soke tsohon mabuɗin ka kafa sabo.

Ka fara da Gmail, ka ajiye Facebook gefe na kwana ɗaya ko biyu, ko da yake na san can ne cinikin yake. Dalili shi ne tun watan Afrilun 2023 Google Authenticator tana iya ajiye kwafin mabuɗai a cikin asusun Google na mai wayar. Idan a tsohuwar wayarka manhajar tana haɗe da Gmail ɗinka, wato akwai alamar ɗan gajimare a samanta, to duk lambobinka suna nan a ajiye, har da ta Facebook, suna jiran ka shiga. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Mutum ya sayi sabuwar waya a Ikeja, wayar ta nemi Gmail kafin ta bari a sauke komai, tsohon ya ƙi buɗuwa, sai mai shago ya buɗe masa sabo nan take. Ya sauke manhajar da wannan sabon Gmail, ya gan ta wayam, ya ɗauka komai ya tafi. Ina kyautata zaton abin da ya faru da kai ke nan. Wayam ɗin da ka gani bai nuna komai ba tukuna, sai ka shiga manhajar da tsohon Gmail sannan za mu san gaskiya.

Yanzu yadda za ka shiga tsohon. Ka rubuta adireshin da kalmar sirri, idan an kawo shafin da ke neman lamba shida kada ka tsaya cankar lambobi, yawan kuskure yana sa a dakatar da kai na wani lokaci. A ƙasan shafin akwai `Try another way`. Ka taɓa shi, zai jero maka duk hanyoyin da aka taɓa kafa wa asusun. Abin da ya fito a jerin ya danganta da abin da ka saka tun farko, don haka naka zai iya bambanta da na wani.

Idan ka ga an rubuta za a turo lamba zuwa layin da ya ƙare da lambobi biyu na ƙarshen layinka, ka gode wa Allah, welkam bak ɗin da ka yi ya biya. Ka zaɓa, saƙo ya shigo, ka shiga. Idan lambobi biyun na wani tsohon layi ne da ka daina amfani da shi, ka bincika ko yana nan a hannunka ko hannun wani na gida. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, kuma idan hakan ta faru wannan ƙofar ta rufe.

Idan ka ga zaɓin da ke cewa ka taɓa `Yes` a kan wata waya, ka karanta sunan wayar da kyau. Duk wayar Android da Gmail ɗinka ke cikinta tana iya karɓar wannan tambayar, ba wadda aka sace kaɗai ba. Tsohuwar wayar da ka bar wa uwargida, ko wadda ke cikin durowa da fasasshen gilashi, in dai ba a cire asusunka daga ciki ba, za ta yi aikin. Ka yi mata caji, ka haɗa ta da intanet, ka ba ta ƴan mintuna ta farfaɗo, sannan ka sake gwadawa.

Zaɓi na uku shi ne lambobin ajiya. Google yana ba da su goma, kowace mai lamba 8, kuma kowace sau ɗaya take aiki. Mutane da yawa suna ce min ba su taɓa ganin su ba, sai mu bincika mu same su. Idan an sauke su a kwamfuta, sunan fayil ɗin yana farawa da `Backup-codes`, ka rubuta wannan a wurin bincike na kwamfutar shago. Ka duba littafin da kake rubuta bashi da lambobin mutane, musamman shafin ƙarshe. Ka tuna wanda ya kunna maka tsaron, ɗa ne ko ƙane, ka tambaye shi ko ya ɗauki hoton allon ranar. Wani lokaci hoton da aka ɗauka na murabba'in nan ne da kansa, kuma shi ya fi komai, domin haska shi da sabuwar waya zai dawo da lambar kamar ba ta taɓa ɓata ba.

Akwai kuma hanyar da ba ta cikin jerin, wadda na fara da ita: na'urar da har yanzu Gmail ɗin yake buɗe a kanta. A can ba a tambayarka lamba shida, domin an riga an san na'urar. Ka buɗe `myaccount.google.com`, ka shiga `Security`, ka shiga `2-Step Verification`. Zai sake neman kalmar sirri, kai kuma kana da ita. Abu na farko da za ka yi a ciki shi ne ka nemi `Backup codes`, ka fitar da sabbi goma, ka rubuta su da biro a takarda kafin ka taɓa wani abu. Idan wuta ta ɗauke ko wayar ta mutu a tsakiyar aiki, kana da abin shiga. Da ɗaya daga cikinsu za ka saka tsohon Gmail a sabuwar wayarka.

Bari in ba ka labarin wani da muka yi wannan aikin tare, don ka ga yadda abin yake tafiya a zahiri. Tela ne a Idi-Araba, mai ɗinkin kaftani da babbar riga, yawancin masu ba shi aiki ta Facebook suke ganin hotunan ɗinkinsa. Wayarsa ta faɗi daga aljihu yana kan acaɓa, ko da ya juya babu ita. Ya zo min bayan kwana huɗu, ya riga ya karɓi layinsa kamar kai. Muka taɓa `Try another way`, zaɓi biyu suka fito: manhajar da ta ɓata, da wata waya da ya ce ya manta da ita. Da ya yi tunani sai ya tuna ita ce ya ba wa ƙaninsa almajirin shago shekara guda da ta wuce. Muka kira yaron, ya ce wayar tana nan amma gilashinta ya tsage, rabin allon ba ya jin taɓi. Ya kawo ta da yamma. Allon yana nuna hoto, yatsa ne ba ya kamawa a ƙasa, daidai inda maɓallin amincewa yake. Na saka mata ɗan abin nan da ake kira OTG na haɗa linzamin kwamfuta, kibiya ta fito a allon, muka latsa. Google ya nuna lamba biyu a sabuwar wayar, ya ce a zaɓi irinta a cikin uku da ke kan tsohuwar. Muka zaɓa, Gmail ya buɗe. Daga zuwan wayar zuwa buɗewar bai kai minti ashirin ba.

Sai muka shiga Google Authenticator da tsohon Gmail ɗin, muna fatan ganin lambobi. Babu. Ashe tun farko ya kafa manhajar ba tare da haɗa ta da asusu ba, mabuɗan suna cikin wayar da ta faɗi kaɗai. Gmail ya tsira, amma lambar Facebook ta tafi har abada, sai dai a bi ta wata ƙofa. Wayar ƙanin babu Facebook ɗinsa a ciki, lambobin ajiya bai taɓa fitarwa ba. Abin da ya rage shi ne tura katin shaida, kuma a nan muka gamu da cikas ɗin da nake so ka lura da shi: sunan da ke kan asusun laƙabinsa ne na sana'a, ranar haihuwar kuma wadda ya ga dama ya saka ce lokacin buɗewa, ba ta yi daidai da ta katinsa ba. Karon farko aka ƙi karɓa. Muka sake ɗaukar hoton katin da rana, a kan farar takarda, kusurwoyi huɗu duk suna fitowa, babu ƙyallin fitila a kan rubutun, muka tura daga sabuwar wayar, muka ba da Gmail ɗin da ke kan asusun a matsayin wurin amsa. Abin da nake ganin ya taimake shi shi ne hoton da ke kan asusun fuskarsa ce, imel ɗin kuma yana hannunsa. Bayan kwanaki amsa ta shigo da hanyar shiga. Duka-duka ya yi kusan mako biyu ba shi da shafinsa, a daidai lokacin ɗinkin sallah.

Na kawo labarinsa ne don ka san Gmail zai iya buɗuwa da wuri, Facebook ya ɗauki lokaci, kuma wannan ba alamar an yi kuskure ba ce. A Facebook ma tsarin ɗaya ne. A shafin da ke neman lamba akwai wurin neman wata hanya. Idan akwai wata na'ura da asusun ke buɗe a kanta, za a iya amincewa da sabuwar shigar daga can. Idan ka samu irin wannan na'urar, ka shiga `Accounts Center`, sannan `Password and security`, sannan `Two-factor authentication`, a can za ka ga lambobin ajiya na Facebook da wurin canza manhaja. Sai idan duk waɗannan sun gagara ake zuwa ga katin shaida. Wani abu da ya shafe ka kai tsaye: idan shafin kasuwanci ne, ba asusunka na kanka ba, ka duba ko akwai wani da ka taɓa ba shi ikon kula da shafin, yaron shago ko ɗan'uwa. Idan akwai, shafin yana nan a raye ta hannunsa, zai iya amsa wa masu saye ya kuma sanar da su halin da ake ciki kafin ka dawo.

To idan an duba ko'ina, babu tsohuwar waya, babu kwamfuta, babu lambobin ajiya, layin da ke kan asusun kuma ba naka ba ne yanzu? Saura neman Google da kansa ta `g.co/recover`. Ba mutum za ka yi magana da shi ba, tambayoyi ne na'ura ke yi maka tana auna amsoshin, kuma tana duba har da inda kake da abin da kake amfani da shi. Saboda haka kada ka cike shi a shagon intanet ko a wayar wani a kasuwa. Ka zauna a gida ko a shagonka na Agege, inda ka saba buɗe asusun, da layin da ka saba, idan da hali a kan na'urar da ta taɓa shiga asusun ko da an fita daga ciki. Kada ka kunna manhajar nan da ke sa a ga kamar daga wata ƙasa kake. Ka rubuta kalmar sirri ta ƙarshe daidai, babba da ƙaramin harafi. Idan an tambayi abin da ba ka tuna ba sosai, ka ba da amsar da ta fi kusa maimakon tsallakewa. Za a nemi wani imel da za a tuntuɓe ka, ka ba da sabon da aka buɗe maka, ka riƙa duba shi har da akwatin `Spam`. Ga asusun da ke da tsaro mai mataki biyu, Google yana cewa abin zai iya ɗaukar kwanakin aiki 3 zuwa 5. Jinkirin da gangan ne: ana ba wa mai asusu na gaskiya lokaci ya ga sanarwa ya hana, idan ɓarawo ne ke nema. Ka yi haƙuri da shi, kada ka riƙa sabunta buƙatar kowace awa daga wayoyi daban-daban, hakan yana sa ka yi kama da wanda ake tsoro. Kuma gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba ita ce wani lokaci ana ƙi, asusun ya tafi. Na ga hakan ya faru, yawanci ga wanda bai saka imel ko layin ceto ba ko kaɗan.

Yanzu maganar yaron. Ka tuna lissafin da na bayyana: sai da mabuɗi lamba take fitowa, mabuɗin kuma yana wurin kamfani da cikin wayar da aka sace. Babu wata manhaja a Ikeja ko a ko'ina da za ta ƙirƙiro shi. Lamba shida tana da fuska miliyan ɗaya, tana canzawa kowane rabin minti, kuma ana tsayar da mai gwaji bayan ƴan kurakurai. Don haka abin da zai yi da dubu ashirin ɗinka ɗayan biyu ne. Ko ya bi waɗannan matakan da na rubuta maka, waɗanda kyauta ne, ko ya karɓi kalmar sirrinka da hoton katinka da lambar da za ta shigo layinka, ranar da asusun ya buɗe ya zama shi ne a ciki, ya saka tasa manhajar, ya fara tura wa masu sayen kayanka lambar asusun banki da ba taka ba. Na taɓa karɓar wani da hakan ta same shi, kuma ƙwato asusu daga hannun wanda ya kafa nasa tsaron ya fi abin da kake ciki yanzu wuya nesa ba kusa ba. Idan kana bukatar mai taya ka karanta Turancin allon, babu laifi, amma ya zauna kusa da kai, wayar tana hannunka, kai kake rubuta kalmar sirri. Haka nan duk wanda ya kira ka ko ya yi maka saƙo ya ce daga Google ko Facebook yake, ka karanto masa lamba, ka kashe. Ba sa kiran mutane a kan wannan.

Ranar da ka shiga, aikin bai ƙare ba, domin wayar tana hannun wani, mabuɗanka kuma suna cikinta. Idan tana da makullin allo mai ƙarfi, yawanci goge ta za su yi su sayar ko su farke ta su sayar da kayan ciki. Idan babu makulli, ko zanen da aka saba ne mai sauƙin canka, to ka ɗauka sun ga komai. Ka bi wannan jerin yadda na faɗa, domin gaba da baya yana da tasiri. Da farko ka buɗe `android.com/find`, ka zaɓi wayar, ka ba da umarnin a goge ta. Ko tana kashe, umarnin zai jira har ranar da ta hau intanet. Idan ta nuna maka inda take a taswira, kada ka bi ta da kanka, ka kai wa ƴan sanda tare da lambar IMEI da ke jikin kwalin wayar. Waya ba ta kai ran mutum ba. Bayan ka tura umarnin gogewa ne za ka canza kalmar sirri, ka shiga jerin na'urorin da ke `Security` ka fitar da ita. Idan ka fara fitar da ita daga asusun, ka yanke igiyar da za ka goge ta da ita.

Sannan ka canza mabuɗin da kansa. Wannan shi ne abin da kusan kowa ke mantawa, musamman wanda ya yi sa'a lambobinsa suka dawo ta gajimare. Lambobin da suka dawo daga mabuɗan da ke cikin wayar ɓarawon suke fitowa, wato abin da allonka ke nunawa shi nasa ke nunawa a daidai wannan daƙiƙar. A `2-Step Verification` ka shiga `Authenticator`, ka cire tsohuwar ko ka zaɓi canzawa, a nuna maka sabon murabba'i, ka haska, ka rubuta lambar da ta fito don tabbatarwa. Daga nan tsohon mabuɗin ya mutu. Ka yi haka a Facebook, da duk wani asusu da ke cikin manhajar, musamman wanda ya shafi kuɗi. Idan kana da asusun cinikin kuɗin intanet, ka sani irin waɗannan wuraren sukan nemi hoton fuska da katin shaida, kuma sukan hana cire kuɗi na kwana ɗaya ko biyu bayan an canza tsaro, kada hakan ya tayar maka da hankali.

Idan ka haska sabon murabba'in amma aka ce lambar ba daidai ba ce, kafin ka zargi komai ka duba agogon wayar. Tunda lissafin da lokaci ake yin sa, wayar da agogonta ya yi gaba ko baya da minti ɗaya ko biyu za ta riƙa ba da lambar da ba a karɓa. Sabbin wayoyi da waɗanda aka saya na hannu sukan zo da agogon da aka saita da hannu. Ka shiga saitin kwanan wata da lokaci, ka kunna na kai-tsaye daga layi, ka sake gwadawa.

Tsakanin ranar Talata da ranar da ka karɓi layinka, sim ɗinka yana hannunsu, kuma a Legas sau da yawa sim ɗin suke nema fiye da wayar. Da shi ana iya duba lambar BVN ta `*565*0#`, a gwada lambobin banki na waya, a nemi bashin manhaja da sunan mutum. Ka je bankinka ka nemi bayanin shige da fice na waɗannan kwanakin, ka duba kuma ko saƙonnin bashin da ba ka ci ba suna shigowa. Sabon sim ɗin ka saka masa lambar sirri ta kansa a saitin tsaro na wayar, yadda idan an cire shi an saka a wata waya ba zai yi aiki ba. Ka kula wurin sakawa: kuskure uku yana kulle shi, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, don haka ka adana katin. WhatsApp kuwa ba ya cikin wannan lissafin, shi layi yake bi. Idan ka taɓa saka masa lambar sirri shida ta mataki na biyu ka manta, kuma babu imel a kai, kwana 7 ake jira.

Wurin sake kafawa, ga yadda nake yi wa mutanena. Murabba'in da aka nuna ana iya haska shi da waya biyu a lokaci guda kafin a rufe shafin, duka biyun za su riƙa ba da lamba iri ɗaya. Idan akwai tsohuwar waya a gida, ko babu sim a cikinta, ka haska da ita ma, ka saka mata makulli, ta zauna a gida ba ta zuwa kasuwa. A ƙarƙashin murabba'in yawanci akwai wurin da ke nuna mabuɗin a rubuce ga wanda kyamararsa ba ta aiki, za ka iya kwafe shi da biro. Lambobin ajiya na Google da na Facebook su ma a takarda, a cikin jakar da kake ajiye takardun gida da na shago, ba hoto a cikin wayar da kake yawo da ita ba, ba kuma cikin Gmail ɗin da suke buɗewa ba. Haɗa manhajar da gajimare ina ganin ya dace da ɗan kasuwa irinka, da sharaɗin shi Gmail ɗin yana da wata hanyar shiga da ba ta dogara da manhajar ba, wato layinka na yanzu, da imel na biyu, da takardar nan. Idan ka canza layin ceto ko imel ɗin ceto, Google zai iya ɗaukar har kwana 7 kafin ya amince da sabon gaba ɗaya, don haka ka yi shi a ranar da ka shiga. Sunan da ke kan Facebook da ranar haihuwa kuma ka gyara su su yi daidai da katinka, laƙabin kasuwa ya zauna a kan shafin shago.

Yau da daddare idan ka koma gida, ka tattaro duk wayoyin gidan ka duba a saitin kowace ko tsohon adireshinka yana cikin jerin asusunta, sannan ka taɓa `Try another way` ka rubuta zaɓin da ya fito maka ɗaya bayan ɗaya. Idan ka turo min abin da ka gani, ban da kalmar sirri ko wata lamba, zan gaya maka wanda za ka fara bi. Allah ya sa a dace.